Yadda na zaunar da Ajami da Boko a shafi ɗaya

Aikin da aka ba ni bai yi kama da mai wuya ba. Wani malami a unguwarmu, nan Anguwan Rogo a Jos, abokin mahaifina ne tun suna samari, yana da waƙoƙin wa'azi da mahaifinsa ya bari a rubuce da Ajami. Ɗalibinsa ya riga ya buga su a kwamfuta, ya kuma juya kowane baiti zuwa Boko. Abin da Malam yake so shi ne a sa su a intanet, Ajami a gefe, Boko a gefe, da ɗan sharhi a ƙasa, domin jikokin da suka tashi a makarantar boko su karanta, tsofaffin ɗalibai kuma su ga rubutun da suka saba da shi. Ni sana'ata gina shafukan intanet, amma duk ayyukana na baya rubutu ne mai tafiya daga hagu zuwa dama.

Da na zuba rubutun a shafi na buɗe a waya, sai na ga aya ta koma farkon layi, lambar baiti ta tsallake ta zauna gaban sunan waƙa, wasu haruffa sun zama akwati fanko, wasu kalmomi kuma sun tsinke a tsakiya. Idan ka dube shi gaba ɗaya sai ka ce ciwo ɗaya ne, Ajami ya ƙi zama. Amma ciwo uku ne, kuma maganin ɗaya ba ya taɓa ɗaya. Akwai matsalar jeri, wato wace kalma ce ke gaba, wace ce ke baya. Akwai matsalar zubin harafi, wadda ta rataya a kan font. Akwai kuma matsalar harafin kansa, inda abin da aka buga tun farko ba shi ne abin da marubucin ya rubuta ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma jeri ne ya fi cin lokaci.

Abu na farko da ya kamata mutum ya riƙe shi ne kwamfuta ba ta ajiye Ajami a juye. Tana ajiye haruffa ne bisa yadda aka buga su, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe, ko Boko ne ko Ajami. Sai lokacin nunawa ne burauza ke bin wata ƙa'ida ta Unicode, wadda ake kira UAX #9, ta yanke inda kowane harafi zai tsaya. Ƙa'idar ta kasa alamomi gida uku. Haruffa suna da alkiblarsu tabbatacciya: na Boko dama suke nufa, na Ajami hagu. Lambobi alkiblarsu mai rauni ce, suna duba abin da ya gabace su. Su kuwa aya, waƙafi, baka da tazarar da ke tsakanin kalmomi, ba su da alkibla ko kaɗan. Idan maƙwabtansu na gaba da na baya sun nufi wuri ɗaya, sai su bi su. Idan maƙwabtan sun saɓa, ko babu maƙwabci a gefe ɗaya, sai su bi alkiblar sakin layin gaba ɗaya. Duk rikicin da na gani daga wannan jimla ta ƙarshe ya fito.

Don misalai su fito fili, zan rubuta Ajami da manyan haruffan Boko. Layi na farko shi ne abin da aka buga, na biyu abin da ya bayyana a waya idan ka duba daga hagu:

```
YA ZO GIDA.
ADIG OZ AY.
```

Kalmomin sun jeru daidai daga dama, amma aya tana dama, a bakin kalmar farko. Dalili: ayar ba ta da maƙwabci a bayanta, sai ta bi alkiblar sakin layi, shi kuma sakin layin na Boko ne, tunda ban gaya wa burauza wani abu dabam ba. Mutane da yawa a nan suke sa `text-align: right` su ɗauka sun gama. Wannan yana tura layin ne zuwa gefen dama kawai, bai canza alkibla ba, ayar tana nan inda take. Abin da ke gyarawa shi ne a sa `dir="rtl"` a kan sakin layin:

```html
<html lang="ha" dir="ltr">
<p lang="ha-Arab" dir="rtl">هَرْشٜن هَوْسَا.</p>
```

Da wannan aya ta koma hagu, layin kuma ya manne da gefen dama da kansa ba tare da an tura shi ba. Na sa alkiblar a cikin HTML, ban sa ta a CSS ba, ko da yake akwai `direction: rtl` a can. Alkibla ɓangaren rubutun ce, ba kwalliya ba ce. Ran da fayil ɗin CSS ya ƙi saukowa saboda netwok, ko wani ya buɗe shafin a yanayin karatu zalla, rubutun zai tafi da alkiblarsa.

Baitoci sun zauna. Sharhin ne ya fi ba ni aiki, domin a can ne Boko da Ajami suke haɗuwa a jimla guda. Ɗalibin Malam yakan rubuta jimlar Boko, ya kawo sunan waƙa da Ajami, ya bi shi da lambar baiti:

```
duba WAKA 12 don bayani
duba 12 AKAW don bayani
```

Lamba 12 ta tsallake sunan waƙar ta dawo gabansa. Burauza ba ta yi kuskure ba bisa ƙa'idarta. Ta ga lamba bayan harafin Larabci, sai ta ɗauke ta a matsayin ci gaban maganar Ajamin, tazarar da ke tsakaninsu ma ta bi su, aka haɗa su dunƙule ɗaya aka jera daga dama. Ba ta da hanyar sanin cewa lambar ta jimlar Boko ce. Mafi muni shi ne inda aka jero sunayen waƙoƙi biyu da waƙafi a tsakani:

```
su ne DARE, RANA
su ne ANAR ,ERAD
```

Waƙafin yana tsakanin Ajami da Ajami, sai ya zama na Ajami, sunayen biyu suka zama magana ɗaya mai tafiya hagu. Mai karanta jimlar daga hagu zai fara cin karo da waƙa ta biyu. Wannan shi ne irin ɓarnar da ta fi ba ni tsoro, domin babu akwati, babu tsinkewa, shafin tsaf yake, amma idan jimlar ta ce "ta farko a Zariya aka rubuta ta, ta biyu a Bauchi", an riga an musanya su.

Maganin shi ne a killace kowane guntun Ajami shi kaɗai, ta yadda jimlar da ke kewaye da shi za ta ɗauke shi kamar abu guda marar alkibla, shi ma ba zai ja maƙwabtansa ba. A burauzojin yanzu duk abin da aka sa wa `dir` yana samun wannan killacewar:

```html
<p>duba <span lang="ha-Arab" dir="rtl">هَوْسَا</span> 12 don bayani</p>
```

Sharaɗin shi ne killacewar ta matse guntun daidai. Lamba tana waje, waƙafi yana waje, kowane suna da nasa `span`. Idan ka haɗa sunaye biyu a cikin ɗaya, ka koma gidan jiya. Haka kuma idan kalmar Boko ce ta faɗo cikin sakin layin Ajami, sai a yi mata `dir="ltr"` da `lang="ha"`. Akwai kuma `<bdi>`, wanda ke killacewa ya kuma hasashi alkibla da kansa. Shi na yi amfani da shi a wurin da shafin ke nuna wa mutum abin da ya nema, tunda ban san ko da wane rubutu zai buga ba.

Wannan hasashen yana da iyaka, shi da ɗan'uwansa `dir="auto"`. Harafi na farko mai alkibla tabbatacciya kawai suke dubawa. Layin Ajami da ya fara da kalmar Boko guda za a ɗauke shi na Boko ne baki ɗaya. Saboda haka a rumbun bayanai na ba kowane layi gurbi da ke faɗin irin rubutunsa, shafin yana karanta gurbin ya sa `dir` da `lang`, ba a bar komai ga hasashe ba sai akwatin nema.

Ɗalibin Malam, kafin aikin ya zo hannuna, ya riga ya yi nasa maganin a wasu wurare. Inda lamba ta tsallake masa, sai ya goge ya buga ta kafin sunan waƙar, har ta bayyana inda yake so a kwamfutarsa. Ban ga laifinsa ba, ido ya bi. Amma da na killace guntayen sai waɗannan wuraren suka juye, tunda yanzu burauza tana nuna ainihin jerin da aka buga. Ba za ka gane su da ido a editan kod ba, don shi ma editan yana bin ƙa'idar nan, yana jujjuya layin a gabanka. Sai na riƙa tambayar burauza ainihin abin da ke ajiye:

```js
[...s].map(c => c.codePointAt(0).toString(16))
```

Wannan yana fito da lambar kowane harafi bisa jerin ajiya. Idan `31` da `32`, wato 1 da 2, suka fito kafin haruffan da ke farawa da `6`, ka san an buga lambar a gaba. Da shi na tsince su na mayar da su bayan suna.

Akwai wani abu da na fara ɗauka ɓarna ce, ashe ba ita ba ce. A cikin sakin layin Ajami, idan aka buga 12-15 bayan kalmar Ajami, abin da ke bayyana daga hagu shi ne 15-12. Lambobin da suka biyo harafin Larabci ba sa ɗaukar karan tsakiya a matsayin abin da ya haɗa su, sai kowace lamba ta tsaya da kanta, a jera su daga dama. Na nuna wa Malam ina shirin ba da haƙuri, sai ya karanta, "Daga sha biyu zuwa sha biyar. To mene ne a ciki, ɗana?" Daga dama idonsa ya taso, sha biyu ya fara gani. Na bar shi haka a cikin Ajami. Lambar waya ce kawai da ke ƙasan shafin na killace da `dir="ltr"`, domin ita idan guntayenta suka juye wani za a kira.

Sai maganar akwatuna da tsinkewa. Kusan kowace waya tana da font na Larabci, shi ya sa yawancin haruffan suka fito. Amma Hausa tana da abin da Larabci ba shi da shi. Ɗigon imala, wanda ake sawa a ƙarƙashin harafi don wasalin e, lambarsa U+065C. Ɗa mai hannu da ɗigo uku a sama, wanda ke ba da ts, U+069F ne. Harafin ba mai ɗigo uku a sama, da wasu ke rubuta ɓ da shi, U+0751 ne, yana cikin rukunin da Unicode ta ƙara a 2005. Idan font ɗin wayar bai san harafi ba, burauza tana leƙa sauran da ke cikin wayar. Ba ta samu ba, akwati. Ta samu, sai ta aro harafin nan guda ta dasa shi a tsakiyar kalma, kaurinsa dabam, tsayinsa dabam, mahaɗarsa ba ta dace da ta maƙwabtansa ba. A Boko irin wannan aron muni ne kawai, kamar yadda ƙ da ɗ ke fitowa sirara a wasu shafukan labarai. A Ajami, inda haruffa ke riƙe da juna, kalmar ce ke karyewa.

Hanyar tabbatarwa tana cikin kayan aikin burauza. A Chrome, ka zaɓi layin, ka shiga `Computed`, ka gangara zuwa `Rendered Fonts`. Zai nuna maka sunan kowane font da ya yi aiki a layin da adadin haruffan da ya zana. Layin Ajami zalla ya kamata ya nuna suna ɗaya. Idan ka ga na biyu da harafi ɗaya ko biyu a gabansa, an yi aro.

Ba a dogara da abin da ke cikin wayar mai karatu, shafin ne zai zo da nasa font. Ƙungiyar SIL ta fitar da guda biyu kyauta waɗanda aka yi domin rubutun yankinmu: Harmattan, mai bin salon Warshu na Afirka ta Yamma, da Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano mai kauri, irin na littattafan da ake sayarwa a bakin masallacin Juma'a. Na buga baiti ɗaya da kowanne a takarda na kai wa Malam. Bai yi dogon nazari ba, ya ɗora yatsa a kan Alkalami ya ce wannan ne ya yi kama da hannun mahaifinsa. A ganina Harmattan ya fi sauƙin karantawa idan rubutu ya ƙanƙance a waya, amma waƙoƙin nasu ne, sai na ƙara girman haruffan kawai.

```css
@font-face {
  font-family: "Alkalami";
  src: url("/fonts/Alkalami-Regular.woff2") format("woff2");
  font-display: swap;
}
[lang="ha-Arab"] {
  font-family: "Alkalami", "Harmattan", serif;
  font-size: 1.4em;
  line-height: 2.1;
  letter-spacing: 0;
  font-synthesis: none;
}
```

Kowane layi a nan akwai abin da ya jawo shi. Ajamin Hausa, ba kamar Larabcin jarida ba, cike yake da wasulla: fataha, kisira, rufu'a, ɗauri, shadda, sama da ƙasa. Da tazarar layi irin ta Boko, kisirar layin sama tana taɓa rufu'ar layin ƙasa, a cikin akwatin da aka sa wa `overflow: hidden` kuma ana yanke wasalin layin farko ɗungurungum. Shi ya sa tazarar ta haura biyu. Zubin shafin da na fara da shi yana buɗa haruffan kanun magana da `letter-spacing`, abin da ke yi wa Boko kyau, amma a burauzoji da yawa yana raba haruffan Ajami da juna, don haka na mayar da shi sifili. Layin ƙarshe kuma yana hana burauza ƙirƙiro kauri ko karkata na jabu idan font ɗin ba shi da su, domin kaurin jabu yana cushe ɗigo uku su zama dunƙule. Na zaɓi `[lang="ha-Arab"]` maimakon `:lang(ha-Arab)` saboda girman: na biyun yana kama duk abin da ke cikin sakin layin, sai 1.4 ta ninka kanta, guntun da ke ciki ya fito kusan ninki biyu. Fayil ɗin font kuwa na bar shi yadda SIL ta ba da shi. Wasu kayan rage nauyin font suna zubar da jadawalin da ke haɗa haruffa da ɗora wasulla, ka sami fayil mara nauyi da haruffa a warwatse.

Da jeri ya daidaita, akwatuna suka ɓace, na ɗauki kwamfuta na je zauren Malam bayan la'asar, ana tsakiyar sanyin Disamba, shi yana cikin bargo da butar shayi a gefe. Ya sa tabarau ya fara karantawa a bayyane, yana rera baitin yadda mahaifinsa ke rerawa. A layi na uku ya tsaya.

"Wa ya rubuta ƙasa a nan?"

Na duba gefen Boko, na ce, "Allah gafarta Malam, fasa ne a wurin."

"A Bokonka fasa ne. Nan ƙaf ce. Ɗigo ɗaya a sama, ƙaf ke nan tun muna allo."

Gaskiyarsa. A rubutun Warshu da muka gada ta Magrib, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. A rubutun Gabas, wanda kibod ɗin Larabci ke bi, fa ce ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Ɗalibin da kibod ɗin Larabci ya buga, saboda haka duk wata fa da ke cikin waƙoƙin ta zama ƙaf a idon wanda ya tashi da Warshu. Shi ɗalibin ya yi Islamiyya, ya saba da bugun Hafsi, idonsa bai ga komai ba. Wannan ba CSS ke gyara shi ba, dole a canza harafin da ke ajiye.

Unicode tana da hanya biyu. Akwai tsofaffin haruffan Magrib, U+06A2 na fa da U+06A7 na ƙaf, masu riƙe ɗigonsu a ko'ina cikin kalma. Akwai kuma waɗanda aka ƙara a 2016 domin rubutun Afirka: U+08BB na fa, U+08BC na ƙaf, U+08BD na nun. Su waɗannan suna da ɗigo a farkon kalma da tsakiyarta, amma a ƙarshe ko a ware ba su da shi. Ban zaɓa da kaina ba, na roƙi a fito da takardun asali. Malam ya sa aka ɗauko gafakar, ya zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa, tawadar ta koma ruwan ƙasa, wasulla da jan tawada. Muka nemi kalma mai ƙarewa da nun. Babu ɗigo, wutsiya ce kawai ta lanƙwaso. Muka duba wasu, duk haka. Sai na ɗauki na 2016:

```js
s.replace(/\u0641/g, "\u08BB")
 .replace(/\u0642/g, "\u08BC")
 .replace(/\u0646/g, "\u08BD")
```

Ayoyi da hadisan da aka kawo a cikin waƙoƙin ma haka marubucin ya rubuta su, da Warshu, don haka Malam ya ce su ma a bi asali.

Canjin ya haifi wani abu da sai an kula. Wanda ya zo neman kalma a shafin da kibod ɗin Larabci na wayarsa zai buga fa ta Gabas, U+0641, ita kuma ba ta cikin rubutun yanzu, sai a ce masa babu. Na ƙara gurbi na biyu a rumbun, wanda ba a nunawa, inda ake ajiye kwafin kowane layi an mayar da haruffan uku zuwa na Gabas an kuma cire wasulla duka. Abin da mutum ya buga ma haka ake yi masa kafin a gwada su. Cire wasullan yana sa kalmomi dabam-dabam su faɗo tare, amma gara mai nema ya ga layi biyar ya zaɓa da a ce masa babu, musamman da yake ba kowa ke buga wasali a waya ba.

Imala ba ta karɓi irin wannan gyaran na lokaci ɗaya ba. Kibod ɗin ɗalibin ba shi da ɗigon, sai ya sa kisira a duk inda e take. Kisira kuma harafi ce halastacciya a dubban wurare, babu umarnin da zai bambance ta gaskiya da ta aro. Na yi ɗan kod da ke duba layin Boko, idan akwai e a ciki amma layin Ajamin da ke gefensa ba shi da U+065C ko ɗaya, sai ya yi masa alama. Wannan ya nuna inda za a duba, gyaran kuwa da hannu ɗalibin ya yi, bayan na sa masa kibod ɗin Ajamin Hausa na manhajar Keyman.

Jera su gefe da gefe shi ne mafi sauƙi a duk aikin. Shafin na hagu zuwa dama ne, sai na sa Boko a rukunin farko, Ajami a na biyu, kowanne ya fara daga bakin gefensa su haɗu a tsakiya. Abin kiyayewa ɗaya: `dir="rtl"` a kan rukunin Ajami yake, ba a kan akwatin da ya ɗauki rukunan biyu ba, in ba haka ba rukunan ne za su musanya wuri. A waya kuma Ajami a sama, Boko a ƙarƙashinsa. Na kuma bi CSS ɗin na canza `margin-left` da `padding-left` zuwa `margin-inline-start` da `padding-inline-start`, don lambar baiti ta sami tazararta ta kowane gefe rubutun ya taso.

Wurin da `span` ba ya shiga shi ne `<title>` da bayanin da ke fitowa idan an tura adireshin shafi a WhatsApp, inda kuma yawancin masu karatun Malam ta can za su iso. A nan akwai alamomi marasa ganuwa da Unicode ta ƙara a 2013, `&#x2067;` a gaban guntun Ajami da `&#x2069;` a bayansa, suna yin aikin killacewa a rubutu zalla. Na sa su, amma tunda ba ni da iko da manhajar da za ta nuna sunan, na sake tsara shi ma: Boko da lamba a farko, Ajami a ƙarshe, babu aya ko lamba a bayansa. Abin da ba shi da maƙwabci ba shi da wanda zai ja. Font ɗin shafin ma ba ya bin sunan zuwa can, don haka a wannan wurin kaɗai nake amfani da U+06A2 da U+06A7, waɗanda tsofaffin wayoyi suka fi sani.

Saura wayoyin da burauzarsu ke matse data ta ƙi sauke font ko kaɗan. Na ari irinsu wajen masu gyaran waya a Taminus na gwada: jeri daidai, aya a wurinta, amma fa da ƙaf da nun na 2016 akwatuna ne. Ga masu irin wannan waya na sa ɗan rubutun Boko a saman shafi da ke cewa idan sun ga akwatuna su buɗe da wata burauzar, a ƙarƙashin kowace waƙa kuma akwai hoton takardar asali, an rage nauyinsa yadda zai sauko ko da netwok ya yi rauni.